Alli ko Farar Riga: Shawara ga 'Yar Fakku da Iyayenta

 

A kowace shekara, idan damina ta yi nisa, gero ya fara kai, hukumomin WAEC da NECO kuma suka saki sakamakon jarrabawar kammala sakandare, akwai wata muhawara da kan tashi a gidaje da yawa na ƙasar Kebbe da Tambuwal, tun daga Fakku da Kuchi har Dogon Daji da Jabo, wadda ba a cika jin ta a dandali ba, domin a zaure da tsakar gida ake yin ta: ita ce ta yarinyar da Allah Ya nufa ta gama sakandare, ta ci jarrabawa gwargwadon hali, yanzu kuma ga hanya biyu a gabanta, ko ta tafi kwalejin horon malamai ta fito malama, ko kuwa ta nufi makarantar koyon jinya ta fito nas ko ungozoma. Uwa tana da nata ra'ayi, uba yana da nasa, baffanni da gwaggwanni kowa da abin da ya ji an faɗa, ita kuwa mai abin sau da yawa ba ta da wanda zai zaunar da ita ya warware mata al'amarin dalla-dalla. To, da ke nake magana yau, 'yata, da kuma waliyyanki, kuma abin da nake so in tabbatar shi ne, wannan zaɓi yana da tartibi: akwai abin da ake fara dubawa, akwai na biye, wanda duk ya tsallake na farko ya faɗa na ƙarshe, to, ya ɓata shekaru da dukiya.

Abin da ake fara dubawa shi ne takardar sakamakon da ke hannunki, domin ita ce ke buɗe ƙofa ko ta rufe ta, tun kafin a zo maganar albashi ko yardar iyaye. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda ita kaɗai ke da ikon ba nas lasisin aiki a ƙasar nan, ta shar'anta kiredit biyar a darussa biyar ayyanannu, wato Ingilishi, da Lissafi, da Bayoloji, da Kemistiri, da Fiziks, kuma a same su cikin zama ɗaya ko biyu, ba a karɓar haɗin zama uku. Ita kuwa takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda a koyar da ita a makarantun ƙasar nan, darussan da ake neman kiredit a cikinsu suna bin fannin da ɗaliba ta zaɓa ne, saboda haka ƙofarta ta fi faɗi nesa ba kusa ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mu ƙaddara wata yarinya a Fakku, 'yar shekara 18, sakamakonta ya fito kamar haka: Ingilishi C6, Lissafi C5, Bayoloji C4, Hausa B2, Addinin Musulunci B3, Kemistiri D7, Fiziks F9. Kiredit kuwa daga A1 yake farawa ya tsaya a C6. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, F9 kuma faɗuwa. Wannan yarinya tana da kiredit biyar cif, don haka ƙofar NCE a buɗe take gare ta bana, alhali kuwa ƙofar jinya a rufe take, ko da kuwa ita ce mafi tausayi da juriya a duk garin, kuma ko da wani ya ce da mahaifinta ya kawo kuɗi ya san hanya. Idan jinyar take so da gaske, abin da ya rage mata shi ne ta sake zama jarrabawa, ko dai ta 'yan waje da ake yi wajen ƙarshen shekara ko ta shekara mai zuwa, kuma wajibi ne ta ci Kemistiri da Fiziks tare a wannan zama na biyu, domin in ta ci ɗaya ta bar ɗaya, zama na uku ba zai haɗu da biyun farko ba. Nan ne inda 'yan mata da yawa na ƙauyukanmu suke maƙalewa, kuma ba don ƙarancin basira ba, sai don sun yi shekara uku a babbar sakandare ba tare da sun sami tsayayyen malamin Fiziks ba, ba su kuma taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsu ba. Saboda haka, idan iyaye suka yarda ta sake zama, sai su yarda da abin da ke biye da shi, wato a nema mata mai koya mata darussan nan biyu na tsawon watanni, domin sake biyan kuɗin jarrabawa ba tare da sake karatu ba, sakamakon jiya yake maimaitawa.

Bayan takarda sai makaranta, kuma a nan ne nake roƙon iyaye su yi taka-tsantsan matuƙa, saboda kwaɗayin farar riga ya sa makarantu sun yi ta tsirowa a birane da garuruwa, suna rubuta jinya da kiwon lafiya a allunansu, alhali ba duka ne Majalisa ta san da zamansu ba. A jiharmu ta Sakkwato akwai Kwalejin Kimiyyar Jinya ta jiha da ke cikin birni, akwai 'yar'uwarta da aka kafa a Tambuwal, wadda ta kawo wannan karatu kusa da mutanen kudancin jiha, akwai kuma makarantun jinya da ungozoma na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ga masu neman malanta kuwa, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda asalinta tun 1970 ne, ita ce ta yaye da yawa daga cikin malaman da ke azuzuwanmu a yau. Alamar makarantar jinya ta gaskiya ita ce, sunanta yana cikin jerin waɗanda Majalisa ta amince da su, tana da adadin ɗaliban da aka ƙayyade mata, kuma bayan watannin farko na share fage, waɗanda a ƙarshensu ake yin jarrabawar tankaɗe da rairaya, ana aika sunan ɗaliba ga Majalisa a ba ta lamba. Ɗalibar da ba ta da wannan lamba ba za ta zauna jarrabawar Majalisa ba, wadda ba ta zauna ba kuwa ba ta da lasisi, wadda ba ta da lasisi kuma, ko da ta shekara goma tana yin allura a kemis ko asibitin kuɗi, a idon doka ba nas ba ce. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a kawar: karatun ma'aikatan lafiyar al'umma, irin wanda ake yi a Kwalejin Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa, karatu ne mai daraja da amfani, kuma su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocinmu, amma tafarkinsa daban, hukumar da ke ba shi lasisi daban, matakin albashinsa ma daban, saboda haka kada a shiga ɗaya da zaton an shiga ɗayan.

Game da tsawon lokaci, NCE shekara uku ce, a cikinta akwai watannin gwajin koyarwa da ake tura ɗaliba makaranta ta riƙe aji ana duba ta, bayan ta gama kuma sai ta yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya. Jinya a tsohon tsari ita ma shekara uku ce, haka ungozoma, amma yanzu makarantu da yawa sun koma tsarin difloma da babbar difloma, wanda ake shiga ta hanyar JAMB, yake kuma ɗaukar shekara huɗu. Akwai kuma kwas na shekara biyu na ungozomar karkara, wanda aka tsara musamman domin 'yan matan ƙauye su koyi karɓar haihuwa su koma garuruwansu, sai dai matakinsa yana ƙasa da na cikakkiyar ungozoma, kuma mai son hawa sama sai ta koma makaranta daga baya. Idan muka koma ga yarinyar nan tamu, lissafinta ke nan: in ta bi malanta bana, tana da shekara 21 za ta riƙe takardarta, in ta tsaya gyaran sakamako ta shiga jinya baɗi, sai ta kai 23. Ratar shekara biyu ce, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san cewa shekara biyu a rayuwar budurwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin iyaye da manema.

Yanzu sai mu zo kan albashi, wanda shi ne kowa ke gaggawar tambaya. Gaskiyar da ba a jayayya a kanta ita ce, nas mai lasisi ta fi malama mai NCE albashi a ranar da aka ɗauke su aiki tare. Dalili kuwa shi ne, malama tana kan tsarin matakan ma'aikatan gwamnati, inda a bisa ƙa'ida mai NCE ke farawa a mataki na bakwai, mai digiri kuma a na takwas, alhali ita nas tana kan tsarin albashi na musamman na ma'aikatan lafiya, wanda ake ɗora masa alawus na haɗarin aiki da na karɓa-karɓa. Tun da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a shekarar 2024, kowa ya ɗan matsa gaba, amma ratar tana nan. Sai dai kuma akwai abu biyu da mai hankali zai sa a mizani. Na farko, sunan aiki ba shi ne ke yanke albashi ba, mai ɗaukar aiki ne ke yankewa: nas a asibitin tarayya ta fi ta asibitin jiha, ta jiha ta fi ta ƙaramar hukuma, ita kuwa ta ƙaramin asibitin kuɗi sau da yawa abin da ake ba ta bai kai na malamar gwamnati ba, haka nan malamar makarantar kuɗi a garuruwanmu, abin da take karɓa a wata wani lokaci bai wuce kuɗin sabulu da man shafawa ba.

Na biyu, abin da ya rage a hannu bayan ɗawainiya shi ne albashi na haƙiƙa. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa nas ta fi malama da naira dubu 40 a wata, amma an tura ta aiki Tambuwal ko Sakkwato, ita kuwa malama tana koyarwa a Fakku, tana kwana a gidan mijinta ko na iyayenta, da ƙafa take zuwa makaranta. Nas ɗin nan za ta biya hayar ɗaki, a ce dubu 15. Kuɗin mota da na kabu-kabu, zuwa aiki da zuwa ganin gida, a ce dubu 12. In tana da goyo za ta nemi mai reno, a ce dubu 8. Sai ga shi abin da ya rage na fifikon nan dubu 5 ne kacal. Amma da za a ba wannan nas aiki a garinsu, to, duk dubu 40 ɗin nata ne. Wannan ya nuna cewa tambayar da ta fi nawa ake biya muhimmanci ga 'yar Fakku ita ce, a ina za a ajiye ni.

Wannan kuwa shi ya kawo mu ga batun buƙata. Dukkan ayyukan biyu ƙasarmu tana ƙishirwarsu, sai dai ƙishirwar ba iri ɗaya ba ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato, cikin haihuwa goma, wadda ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen haihuwa a duniya baki ɗaya 'yan Nijeriya ne. A gefe guda kuma ma'aikatan suna ficewa, domin a farkon 2024 Majalisar jinya da kanta ta bayyana cewa nas-nas kimanin dubu 42 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, kuma duk gurbin da aka bari a birni, daga ƙauye ake janyo mai cike shi. Saboda haka mai lasisin jinya ko ungozoma ba kasafai take daɗewa a zaune ba. Malanta kuwa, azuzuwa suna nan cike da yara babu malamai, amma masu takardar NCE da ke zaune gida suna jiran gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki su ma ba su ƙirguwa, domin ɗaukar malaman firamare yana hannun Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi, kuma ba kowace shekara ake yi ba. Mai son malanta sai ta yi dabara wajen zaɓen fanni, ta guje wa inda aka yi cunkoso. Yarinyar nan tamu, da B2 a Hausa da B3 a Addini, abin da zai fi mata sauƙi shi ne ta haɗa waɗannan biyun, amma abin da zai fi kai ta ga aiki shi ne sashen ilimin firamare, inda ake koyon yadda ake sa yaro ya iya karatu da ƙirga, ko kuwa Lissafi, wanda malamarsa mace a ƙasar Kebbe abin nema ce ruwa a jallo.

Kafin ki yanke hukunci kuma, 'yata, ya kamata ki san yadda yinin kowace yake. Malama tana fita da safe ta dawo da azahar, tana da Asabar da Lahadi, tana da hutu sau uku a shekara, amma a tsakanin safiya da azahar ɗin nan tana iya samun kanta gaban yara saba'in ko tamanin, rabinsu a ƙasa, allo ya koɗe, littafi ɗaya yara huɗu, kuma aikinta shi ne ta gane wane ne cikinsu yake bin baki kawai, wane ne kuma ya san harafi in an nuna masa shi shi kaɗai, ta sa su haɗa baƙi da wasali har gaɓa ta zama kalma, sa'an nan da dare ta rubuta shirin darasin gobe. Sakamakon wannan aiki ba ya bayyana a yini ɗaya, sai bayan shekaru, don haka yana son mai haƙuri da murya da son yara.

Ungozoma kuwa, ƙarfe biyun dare ake ƙwanƙwasa mata ƙofa, an kawo mai ciki a bayan babur ko amalanke, ƙafafunta sun kumbura, tana kukan ciwon kai, idonta yana ganin dishi-dishi. Ta ɗaura abin awo ta ga jini ya kai 160 bisa 110, nan take ta san jijjiga ce ke tafe, sai ta yi mata allurar da ke tare jijjigar, ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta rubuta takarda, ta tsaya a kan dangi har sai an sami motar da za ta kai ta babban asibiti. Wata kuma ta haihu lafiya, ana murna, sai jini ya ɓalle. Ungozoma ta san cewa in ya wuce rabin lita an shiga haɗari, sai ta murza mahaifa ta ji ko ta yi tauri, ta duba ko mabiyiya ta fita duka, ta yi allurar tsuke mahaifa, ta sa ƙarin ruwa, duk kuma a hasken tocila in babu wuta. A irin wannan dare minti goma yana raba rai da ajali da izinin Allah. Wadda jini ke sa ta jiri, ko wadda ba ta jure rashin barci, ko wadda in hankali ya tashi nata ke fara tashi, to, ta yi wa kanta adalci, domin farar riga ba ta sauya ɗabi'a.

Sai kuma ra'ayin iyali, wanda ni a ganina bai kamata a yi masa kallon jahilci ba, domin mafi yawan abin da iyaye ke tsoro yana da tushe. Uba yana tsoron kwanan 'yarsa a waje, musamman a wannan zamani da hanyoyin kudancin jihar nan suka sha fama da rashin tsaro. Yana tsoron cuɗanya da maza, kuma gaskiya ne cewa mai karatun jinya na gama-gari za a tura ta ɗakin maza kamar yadda za a tura ta na mata. Uwa kuma tana tsoron kada karatu ya yi tsawo manema su janye. Shi ya sa malanta ta fi samun karɓuwa a gidaje, tun da lokutanta sun dace da zaman aure, kuma sunan malama suna ne mai kwarjini a ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa naɗa jajoji tana aika su ƙauyuka su karantar da mata. Amma wanda ya kafa hujja da addini don ya hana jinya, ya kamata a tuna masa da cewa Rufaida Al'aslamiyya ta kafa hemarta a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana jinyar masu rauni, kuma wurinta aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu. Malamai kuma sun sanya ilimin magani cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kuwa kowa ya yi laifi. Mutumin da ba ya son namiji ya duba matarsa a ɗakin haihuwa, alhali kuma ya hana 'yarsa da ƙanwarsa koyon aikin, ya nemi girbi ne a gonar da ya hana a shuka. Ga gidan da cuɗanya ce damuwarsa, ungozoma ita ce mafita, domin aikinta tsakanin mata da jarirai yake.

Abin da ya fi kashe wannan karatu, duk da haka, shi ne rashin yin magana a kan lokaci. An ga darasin haka a shirin tallafa wa ɗalibai mata masu koyon malanta, wanda aka fara a 2008 da haɗin gwiwar Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya a jihohin Sakkwato da Katsina da Bauchi da Neja, inda ake ɗaukar 'yar ƙauye a biya mata karatun NCE bisa alkawarin za ta koma ƙauyensu ta koyar shekara biyu. Niyyar kyakkyawa ce, amma abubuwa uku sun yi ta tare hanya: raunin tushen karatun sakandare, da aure da goyo a tsakiyar karatu, da jinkirin ba da aiki bayan an gama. Saboda haka, idan akwai manemi tsayayye, a zaunar da shi da waliyyansa tun kafin a sa rana, a faɗa masa sarai cewa karatun shekara kaza ne, akwai kwana a makaranta, akwai aikin dare in jinya ce, kuma mai yiwuwa ne a tura ta wani gari, ya amsa a gaban dattawa. Alkawarin da aka ɗauka a zaure gaban shaidu ya fi wanda aka yi wa yarinya ita kaɗai a wurin zance. Haka nan a san tun farko wa zai riƙe jariri in Allah Ya kawo rabo, domin makarantar jinya tana ƙirga kwanakin da ɗaliba ta yi a ɗakin majinyata, kuma wadda ba ta cika su ba sai ta maimaita.

To, ga hukuncin da na tsaya a kansa. Yarinyar da ke da kiredit ɗin kimiyya biyar, jikinta da zuciyarta suna ɗaukar aikin, iyalinta kuma sun amince da sharuɗɗansa da idonsu a buɗe, ta nufi jinya ko ungozoma a makarantar da Majalisa ta sani, domin aikin ya fi saurin samuwa, albashin ya fi, kuma ƙasar Kebbe tana matuƙar buƙatarta. Yarinyar nan tamu ta misali kuwa, in mahaifinta yana da halin ɗaukar mata malami na shekara guda, kuma babu auren da ke gab, ta gwada zama na biyu sau ɗaya tak. In ta ci, alhamdu lillahi, in kuwa ba ta ci ba, ko kuma babu halin tun farko, ta shiga NCE ba tare da ganin ta faɗi ba, ta zaɓi fannin da ake nema, ta kuma sa ido ga digiri daga baya, wanda zai ɗaga ta mataki. Abin da ba na so shi ne ta shekara uku ko huɗu a zaune tana sake jarrabawa don kwaɗayin farar riga, ko kuma a kai ta makarantar da za ta fito ba lasisi.

Kira na ƙarshe ga shugabannin ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, da hakimai da limamai da masu hannu da shuni na wannan yanki: ku nemi 'yan matan da suka ci jarrabawa a garuruwanku ku san su da sunayensu, ku ɗauki nauyin waɗanda iyayensu suka gaza, ku nema wa makarantun sakandarenmu malaman Kemistiri da Fiziks, kuma idan 'ya'yan nan suka gama, ku tsaya a ba su aiki a garuruwansu, domin 'yar gari ita ce ke zama in baƙuwa ta nemi canjin wuri. Ke kuma 'yata, ki ɗauko takardar sakamakonki yau ki duba ta darasi bayan darasi, ki je ki yini guda tare da wata malama a aji, ki kuma nemi izini ki ga yadda ungozoma ke aiki a ranar awo, ki yi shawara da iyayenki, ki yi istihara, sa'an nan ki yanke. Allah Ya yi muku zaɓi mafi alheri, Ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu.